Darasin Motsa Jiki: Tseren Miƙa Sanda

Aji: ɗaya na ƙaramar sakandare, ɗalibai 40
Lokaci: minti 40, da safe kafin rana ta yi zafi
Wuri: filin ƙwallon makaranta
Kayan aiki: sanduna 10, usur, toka, igiyar awo, ruwan sha

Manufa

A ƙarshen darasi kowane ɗalibi ya iya karɓar sanda yana cikin gudu ba tare da ya waiwaya ba, ya kuma zauna cikin layinsa har malam ya sallame shi.

Shirin fili

Malam ya zagaya filin tun kafin a kaɗa ƙararrawa, a tsince duwatsu, ƙaya da fasassun kwalabe. A ja layuka biyar da toka, tsawon mita 80. Faɗin layi a gasa mita 1.22 ne, amma namu mita biyu za a yi, domin ɗan koyo ba ya gudu a miƙe. A bar fili na mita goma bayan layin ƙarshe, nesa da katanga. Sandar gasa tsawonta santimita 28 zuwa 30 ne, nauyinta bai gaza giram 50 ba. Bututun roba na famfo ya wadatar in an yanka shi an goge bakinsa. Kada a yi da kara, yana tsagewa ya yanki hannu.

Ɗumama jiki (minti 6)

Sassarfa sau ɗaya a kewayen fili, sai ɗaga gwiwa da juya kafaɗa. Kowa ya buɗe hannuwansa. In ya taɓa na kusa da shi, ya matsa. Mai silifas ya cire ko ya sauya takalmi.

Mataki na farko: a tsaye (minti 8)

A raba su rukuni goma, mutum huɗu-huɗu, a jere ɗaya bayan ɗaya, tazarar hannu biyu a tsakani. Sanda tana hannun dama na wanda ke can baya. In ya ce "Hannu!", na gabansa ya miƙa hannun hagu baya, tafi a buɗe yana kallon sama, babban yatsa a ware. Mai bayarwa ya ɗora kan sandar a tafin, ya sake ta bayan ya ji an damƙe. Tsarin hannu shi ne dama, hagu, dama, hagu, don haka mai riƙewa da dama ya tsaya ɓangaren hagu na layi, mai karɓa da hagu ya tsaya ɓangaren dama. Ta haka hannuwa ke haɗuwa a tsakiya, ƙafafu kuma ba sa sarƙewa. A nan ya kamata malam ya daɗe. Yara sukan kama sandar a tsakiya, sai na gaba ya rasa inda zai riƙe. A nuna musu su kama ta daga ƙasa.

Mataki na biyu: tafiya da sassarfa (minti 8)

Abu ɗaya za a maimaita ana tafiya, sannan da sassarfa. Rukuni biyar a fili, biyar a zaune bayan layin gefe. Rukunin da ya yar da sanda sau biyu a jere ya koma tafiya.

Mataki na uku: gudu (minti 12)

Kowane ɗalibi ya tsaya a tasharsa, mita 20 tsakani. A zuba alamar toka taku biyar bayan mai karɓa. Da zarar mai zuwa ya taka alamar, mai karɓa ya zabura gaba, idonsa a gaba, kada ya fito da hannu sai ya ji kira. In sanda ta same shi a tsaye, ya makara. In ya tsere wa mai bayarwa, a matso da alamar kusa. A gasar mita 100 sau huɗu, cikin yanki na mita 30 ake musayar, kuma inda sanda take ake dubawa, ba inda ƙafa take ba.

Malam ya faɗi dokoki kafin usur: "Wanda ya miƙa sanda ya rage gudu a hankali cikin layinsa, kada ya ratsa. Ba a jefa sanda. In ta faɗi, wanda ya yar da ita ne zai ɗauka, bayan ya duba ba mai zuwa. Usur biyu, kowa ya tsaya cak." Zagaye biyu na gwaji, na uku ne kawai gasa.

Kammalawa (minti 6)

Tafiya a hankali, miƙe jijiyoyin cinya, shan ruwa. Suna zaune malam ya gaya musu cewa 'yan Najeriya maza sun ci azurfa, mata kuma tagulla, a wannan tseren a gasar Olamfik ta Barcelona a 1992. Sai ya tambaya: da wane hannu mai gudu na uku yake karɓa? Me ya sa ba a waiwaye? A rubuta sunayen waɗanda har yanzu suke tsayawa su karɓa, da su za a fara mako mai zuwa kafin a shiga gudu a kan kwana.