Mece Ce Iyaka a Lissafi? Darasi Don Masu Farawa

Ɗalibaina na darasin yamma a nan Agege, ranar Talata da na rubuta `lim` a allo na ga fuskoki sun sauya, har wani daga baya ya ce, "Malam, yau kuma wane yare ne wannan?" To ga bayanin a rubuce, kowa ya karanta a tsanake. Abin da littafi ke rubutawa `lim` za mu riƙa ce masa iyaka. Ni dai sunan bai gamsar da ni sosai ba, don da an ce iyaka sai mutum ya tuno katanga ko bakin gona. Abin da ake nufi a nan shi ne inda aka dosa.

Mu fara da hanya. Doguwar gadar nan ta kan ruwa da ta tashi daga Oworonshoki zuwa tsibirin Legas ta kusa kilomita 12, mu ɗauka 12 ɗin ne cif. A ce wani direban danfo ya yi rantsuwa cewa duk tafiyar da zai yi, rabin abin da ya rage kawai zai ci, sai ya taka birki. Tafiyar farko ya ci kilomita 6, saura 6. Ta biyu ya ci 3, saura 3. Sai 1.5, sai 0.75. Jimillar abin da ya ci tana tafiya haka: 6, 9, 10.5, 11.25. A tsayawa ta 10 abin da ya rage masa bai kai mita 12 ba. A ta 20 kuwa ya ɗan ɗara santimita 1, bai kai faɗin babban yatsa ba. Amma babu tsayawar da za ka nuna ka ce a nan ya kai ƙarshen gada, domin rabin abu komai ƙanƙantarsa ba sifili ba ne. Iyakar wannan jeri ita ce 12. (Wani masanin falsafa na Girka mai suna Zeno ya rikita mutane da irin wannan tambaya fiye da shekara 2,000 da suka wuce, don haka wanda kansa ya ɗaure ba shi ne na farko ba.)

Yanzu wani zai ce, "Ai ke nan iyaka ita ce lambar da ake ta matsawa kusa da ita." A nan ne da yawa ke zamewa. Jerin 6, 9, 10.5, 11.25 kullum yana ƙara kusantar 13 ma, har da 100. Me ya sa ba mu ce 13 ce iyaka ba? Saboda tsakaninsa da 13 akwai tazarar da ba za ta taɓa yin ƙasa da 1 ba. Da 12 kuwa, faɗi duk tazarar da ka ga dama. Ka ce mita ɗaya, in ce maka jira tsayawa ta 14. Ka ce santimita ɗaya, in ce ta 21. Ka ce silin gashi, shi ma akwai tsayawar da daga ita har abada ragowar ba za ta ƙara kai haka ba. Wannan gardamar ita ce ma'anar iyaka baki ɗaya: kai ka kawo tazara komai ƙanƙantarta, ni in nuna maka inda daga nan aka shiga cikinta ba a sake fita ba. Masana lissafi Newton da Leibniz sun yi aiki da wannan tunani tun ƙarni na 17, amma sai a ƙarni na 19 Cauchy, a littafinsa na 1821, da Weierstrass bayansa, suka ɗaure maganar da kyau. Alamar `ε` da za ku gani a jami'a wannan tazarar ce kawai.

To mene ne amfaninta? Ku duba wannan:

```
f(x) = (x² − 1) / (x − 1)
```

Sa `x = 1`. Sama ya zama 0, ƙasa ya zama 0. Raba sifili da sifili ba shi da ma'ana, kalkuleta ma ƙin amsawa za ta yi. Ƙofa a rufe take. Amma ba wanda ya hana mu tambayar maƙwabta:

```
x = 0.9    f(x) = 1.9
x = 0.99   f(x) = 1.99
x = 0.999  f(x) = 1.999
x = 1.001  f(x) = 2.001
x = 1.01   f(x) = 2.01
x = 1.1    f(x) = 2.1
```

Na ƙasa da 1 suna hawa zuwa 2, na sama da 1 suna saukowa zuwa 2. Dalili kuwa shi ne `x² − 1` daidai yake da `(x − 1)(x + 1)`, don haka muddin `x` ba 1 ba ne, amsar ita ce `x + 1`. Sai mu rubuta:

```
lim (x→1) f(x) = 2
```

Ku lura da abin da muka faɗa. Ba mu ce `f(1)` ya zama 2 ba, `f(1)` babu shi ma sam. Cewa muka yi idan `x` ya doshi 1, `f(x)` na dosar 2.

Duk wanda ya taɓa raka babansa sayen tumatir a kasuwar Mil 12 ya san wannan salon. Mai kaya ya ce kwando naira 21,000, mai saye ya taya 19,000, aka ce albarka. Wannan ya sauko 20,100, wancan ya hau 19,900. Sai 20,010 da 19,990. Ko da ruwan sama ya watsa kasuwa kafin a sallama, ɗan dako da ke tsaye a gefe ya san 20,000 aka dosa. Idan kuwa mai kaya ya kafe yana dosar 25,000, mai saye yana dosar 18,000, babu ciniki. Haka lissafi yake: dole hagu da dama su doshi lamba ɗaya. Ɗauki `|x| / x` kusa da sifili, inda `|x|` ke nufin lambar `x` idan an cire mata alamar ragi. Duk lambar da ta fi sifili za ta ba ka 1, duk wadda ta gaza sifili za ta ba ka −1. Ba su haɗu ba, don haka babu iyaka a wurin.

Akwai gyara ɗaya da nake so ku riƙe, don ni ma sai da na daɗe kafin na gane shi. Ana yawan cewa iyaka abu ne da ake kusanta ba a kai gare shi. A misalin gada haka ne, amma ba doka ba ce. Idan `g(x) = x + 3`, iyakarsa yayin da `x` ke dosar 2 ita ce 5, kuma `g(2)` ɗin ma 5 ne. An dosa, an kuma isa. Iyaka ba ruwanta da an isa ko ba a isa ba, abin da ke faruwa a kewayen wurin kawai take kallo. Kuma ita kanta lamba ce tsayayya. Kada wanda ya rubuta mini "kusan 2" a jarrabawa. Iyakar 2 ce cif, masu kusantar ne ke motsi.

Wannan ne ma ke warware gardamar da Hajara da Sani suka yi kan `0.999...`, wato tara-tara babu ƙarshe, inda Hajara ta ce daidai yake da 1, Sani ya ce bai kai ba. Jerin 0.9, 0.99, 0.999 tazararsa da 1 ita ce 0.1, 0.01, 0.001, kuma babu tazarar da za ka ambata da ba zai shiga cikinta ba. Ɗigo ukun nan suna nufin iyakar jerin ne, ita kuwa 1 ce. Hajara ce da gaskiya.

Aikin gida kafin Asabar: ku ɗauki `(x² − 4) / (x − 2)`, ku gwada 1.9, 1.99, 2.01 da 2.1, ku rubuta lambar da kuka ga an dosa. Sannan ku gwada `1 / x` da 0.1, 0.01, −0.1 da −0.01, ku zo mini da bayanin abin da ya faru. A zo da kalkuleta, kuma wanda gosulo ya riƙe ya shigo ta ƙofar baya ba tare da surutu ba.