Darasin Kimiyya, Aji Huɗu: Wace Ƙasa Ta Fi Riƙe Ruwa?

Wuri: makarantar firamare a Mai Wurno, jihar Sennar, Sudan. Lokaci: minti 40.

Kayan aiki: yashin bakin Kogin Nilu, baƙar laka ta gonar auduga, ƙasar lambu mai taki, gorunan roba, ƙyalle, kofin awo.

Malama ta fara da tambaya: "Yara, me ya sa ruwan damina yake kwanciya a gonar auduga, amma ya ɓace a kan yashi?" Kowa ya rubuta hasashensa, kada a gyara masa.

Kowace ƙungiya ta yanke gindin goruna uku, ta ɗaure bakinsu da ƙyalle, ta kifa su a kan kofuna. A zuba kofi ɗaya na busasshiyar ƙasa a kowace gora, kowace da irin ƙasarta. Lallai a shanya ƙasar tun jiya, a daka lakar, domin danshi yana ɓata sakamako. A zuba ruwa mililita 200 sannu a hankali, a jira minti 15.

A auna ruwan da ya tsiyaye, har da wanda ya kwanta a saman lakar, a ɗebe daga 200. Abin da ya rage shi ƙasar ta riƙe. A rubuta a allo: sunan ƙasa, ruwan da ya fita, ruwan da ta riƙe.

Ana sa ran yashi ya zo na ƙarshe wajen riƙe ruwa, saboda ƙwayoyinsa manya ne. In alƙaluman ƙungiyoyi sun saɓa, su binciko dalili da kansu.