Tsarin tafiyarmu ta Oktoba: Turkiyya, Jodan, Masar

Yaya, ga tsarin da na kammala. Daga arewa za mu gangaro kudu, don sanyi yakan riga sauka a Turkiyya, zafin kudancin Masar kuwa sai ƙarshen Oktoba yake sassautawa. Tikitin zuwa na Istanbul ne, na dawowa daga Aswan.

1 zuwa 4 ga wata, Kapadokiya. Muna sauka Istanbul mu canja jirgi zuwa Kayseri, ba za mu shiga gari ba. Na san za ku ce me ya sa. In muka fara da Istanbul, dole mu sake komawa cikinta kafin mu samu jirgin Amman. Kuma Kapadokiya tudu ce, ta haura mita 1,000, darenta da sanyi. Na ba ta kwana huɗu saboda balan-balan ɗin da ake hawa da asuba: in iska ta yi ƙarfi sokewa ake yi, gara mu samu safiya uku ta gwaji.

5 zuwa 10, Istanbul, otal ɗaya. Kada mu sa fadar Topkapi ranar Talata, ko babbar kasuwa ranar Lahadi, rufe suke. Rana guda na bar ta ba komai, ta wanki da barci.

11 zuwa 17, Jodan, ita ma daga arewa zuwa kudu. Kwana uku a Amman, daga nan mu leƙa Jerash da Tekun Gishiri, wanda ke ƙasa da doron teku da fiye da mita 400. Petra kwana biyu. Masu yi mata yini ɗaya gajiya kawai suke kwasowa, domin hawa zuwa Ad-Deir, ginin da aka sassaƙa a saman dutse, kaɗai matakala ce wajen 800. Sai dare ɗaya a Wadi Rum, ɗaya a Aƙaba.

18 zuwa 21, mu tsallaka ta jirgin ruwa zuwa Nuweiba a Masar, mota ta kai mu Dahab. Nan hutu ne zalla. Kwana 17 muna kan ƙafa, kuma gwiwar Yaya ma tana da haƙƙi.

22 zuwa 25, Alƙahira, ta jirgin sama daga Sharm el-Sheikh. Dalar Giza da sassafe, Azhar da kasuwar Khan el-Khalili da yamma.

26, Luxor. Kwarin Sarakuna, inda kaburburan Fir'aunoni suke, tun da farar safiya, don ko a lokacin rana tana duka. Ranar 27 mu shiga jirgin ruwan Nilu, kwana huɗu zuwa Aswan, ana tsayawa a Edfu da Kom Ombo. Jiragen suna da ranakun tashinsu, saboda haka shi zan fara kamawa. In ya motsa da kwana ɗaya, daga Dahab za mu rage.

31, mu tashi daga Aswan, mu canja jirgi a Alƙahira. In kun amince, gobe na sayi tikiti.