Zuwa ga iyayen yaranmu na kulob: canjin ranakun tirenin da sabon kuɗin wata

Assalamu alaikum iyayenmu maza da mata, da yayye da kawunnai masu tsaya wa yaran nan. Da fatan kowa yana lafiya, ya gida ya kasuwa ya haƙuri da mu. Ni ne sakataren kulob, kwamiti ne ya ce in rubuto muku bayan zaman da muka yi ranar Lahadin da ta wuce, kuma don Allah a daure a karanta har ƙarshe, don na san halinmu, wani da ya ga maganar kuɗi zai tsaya nan ya kira ni a waya yana tambayar abin da ke rubuce a layi na gaba.

Magana biyu ce. Ranakun tirenin sun canja, kuɗin wata ma ya canja, duka biyun za su fara aiki daga Alhamis ɗin farko ta watan Nuwamba in Allah ya kai mu.

Bari in fara da ranaku tunda ita ce ta fi jawo mana surutu. Kun san da muna fita Litinin da Laraba da Lahadi bayan la'asar, to gaskiya wannan tsarin ya daɗe yana cin karo da Islamiyya, tunda yawancin Islamiyyun unguwar nan daga Asabar zuwa Laraba suke karatu, Alhamis da Juma'a ne hutunsu. Mu da kanmu mun sani yara na guduwa daga makaranta su taho fili, yaro ya fito gida da Ƙur'ani a jaka amma but ɗinsa na ƙarƙashi a naɗe cikin leda, ya zo ya canja kaya a bayan katanga kamar ba a yi ba. Watan jiya wani malamin Islamiyya ya tako da ƙafarsa har bakin fili, bai ɗaga murya ba, rajista kawai ya buɗe ya nuna wa koci sunan yara bakwai da duk Litinin da Laraba ba a ganinsu, wallahi kunya ta rufe mu don ba mu da abin cewa. Wata Hajiya ma ta cire ɗanta gaba ɗaya saboda wannan, kuma yaron yana cikin masu kyau a tsakiya, amma ba mu ga laifinta ba ko kaɗan.

Don haka ga yadda za a koma. Ƙanana, wato 'yan shekara 8 zuwa 12, kwana biyu ne kawai a sati, Alhamis da Juma'a, daga ƙarfe 4:15 zuwa 5:45 na yamma. Manya 'yan 13 zuwa 16 su ma Alhamis da Juma'a a wannan lokacin amma a ɗaya ɓarin filin, sannan su an ƙara musu Asabar da safe daga 6:30 zuwa 8:00, don wanda yake da hadda ko Islamiyyar safe ya samu ya koma gida ya yi wanka ya karya. Da an kawo shawarar Lahadi da safe, sai muka tuna akwai yaranmu huɗu da ke zuwa coci, shi ya sa aka bar shi Asabar. Sai dai Asabar ɗin ƙarshen wata, kun san ranar tsaftar muhalli ce a Kano ba a zirga-zirga da safe, to ranar ba tirenin, kada wanda ya fito.

Ƙarfe 5:45 ɗin nan da gaske muke. Sanyi na shigowa, magariba na matsowa, zuwa Disamba kafin ka ce me duhu ya yi, ga hazo, ga yaran da ke tafiya har Kurna da Rijiyar Lemo a ƙafa. Koci ya yi alkawari da an busa usur an tashi, ba maganar a bari a ƙarasa gem. In yaronku ya kai bayan sallar magariba bai shigo gida ba to ba wajenmu ya tsaya ba, a bincike shi.

Wani uba ya tambaye ni, kuma tambayarsa na kan hanya, wai kwana uku a jere ba zai karya manyan ba? Mun zauna da koci a kan haka. Alhamis ce ranar aiki mai nauyi, gudu da motsa jiki, Juma'a kuma ba gudu sosai, taɓa ƙwallo ne da fasin da bugun tazara da koyon tsayuwa a fili, Asabar a raba su a buga wasa, daga nan sai hutu har kwana huɗu. Duk yaron da ya ce cinyarsa ko gwiwarsa na ciwo a gaya mana, kar a ce masa ya daure wai namiji ne. Na azumi kuma in ya matso za mu sake rubuto muku.

To sai maganar kuɗi, wadda ni kaina ban so aka ɗora min rubuta ta ba.

Naira 1,500 ɗin da ake biya tun kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka sa shi, kuma ba mu taɓa shi ba har yau, alhali ba sai na gaya wa kowa yadda kuɗin adaidaita sahu da na komai ya koma ba, ku ne masu cefane. Bari in buɗe muku littafin ma'aji yadda yake. Yara 64 ne a rajista. Masu biya a kai a kai ba su wuce 40 ba, wato abin da ke shigowa a wata 60,000 ne in an yi sa'a. Abin da ke fita kuwa, alawus ɗin koci da mataimakinsa 40,000 su biyu, wanda in aka duba ko kuɗin man mashin ɗinsu bai gama biya ba, ruwan leda 18,000, motar da muke ɗauka in za mu wasan waje 25,000, kuma sau ɗaya ke nan a wata, ƙwallo da faci da sauran tarkace kusan 20,000, baba mai gadin makarantar da muke aron filinta 7,000 don shi ke buɗe mana get ya kuma ajiye mana raga da sauran kayan tirenin, sai kayan akwatin magani, bandeji da aidin da man zafi, 5,000. In kun haɗa 115,000 ke nan. Gibin 55,000 ɗin nan mutum biyar na kwamiti ne ke cike shi daga aljihunsu wata da watanni, ɗaya tela ne ɗaya malamin firamare, kuma a zaman nan suka ce gaskiya sun kai bango.

Ƙwallon nan ita ta fi damun mu. Filin namu ba ciyawa, tsakuwa ce da burji, ƙwallo sabuwa fil wata biyu ta yi yawa fatar ta fara ɗayewa. Yanzu haka guda tara muke da su, huɗu ne kawai ke riƙe iska har a tashi, sauran sai mataimakin koci ya zauna da famfo tun kafin yara su iso, akwai wata da yaran suka sa wa suna tsohuwa don faci uku ne a jikinta. Kuma ƙanana lamba 4 ya kamata su riƙa bugawa, amma da yake babu, lamba 5 ta manya muke ba su, wadda ta yi wa ƙafar ɗan shekara takwas nauyi.

Sabon kuɗin shi ne ƙanana 2,000 a wata, manya 3,000 tunda su ke da kwana uku kuma su aka fi fita da su wasa. Wanda yake da yara biyu ko fiye a kulob, na farko ya biya cikakke, sauran rabi rabi. Marayunmu guda tara suna nan yadda suke, ba sa biyan ko kwabo kuma ba za su fara ba. In kowa ya biya, lissafinmu ya nuna za a samu wajen 120,000, kun ga ba riba a ciki, kawai dai a daina bin mutum biyar da kokon bara. Ba sabon kuɗin fom, ba kuɗin jesi bana, wadda aka ɗinka bara za a ci gaba da ita.

Na san akwai gidan da ƙarin 500 ma abu ne babba. Wanda ya ga ba zai iya ba don Allah kar ya zare yaro shiru, kar kuma ya bar yaron ya riƙa laɓe-laɓe yana gudun ma'aji, ya same ni ko shugaba mu biyu kawai mu yi magana, ba wanda zai ji. Ba mu taɓa korar yaro daga fili a gaban abokansa saboda kuɗi ba. Amma wanda yake da hali ya share mu wata uku ba biya ba bayani, za mu zo har gida mu yi sallama, wannan kam an yanke.

Yadda za a biya, daga 1 zuwa 10 ga wata. Ma'aji zai riƙa zama a bakin fili duk Juma'a da littafin rasit, a karɓi rasit ko da kuwa ana sauri. Mai son turawa ta waya, lambar akawun ɗin kulob tana bayan katin yaro, in an tura a sa sunan yaron, don watan jiya kuɗi ya shigo har sau uku ba mu san na wane ne ba sai da muka yi ta cigiya. Kar a ba koci kuɗi, shi da kansa ya roƙa a raba shi da wannan. Sannan ƙananan nan a daina ba su a hannu, mai awarar bakin get ta fi ma'aji ganin kuɗin wasu. Masu tsohon bashi kuma a kan tsohon farashi za su biya, 1,500, ana iya rarraba shi zuwa ƙarshen Disamba.

Tunda na samu kunnenku, abu ɗaya da ba ya cikin ajanda. In wani ya zo muku da sunan kulob ɗin nan ya ce a kawo kuɗi zai kai yaro gwaji Turai ko wata babbar ƙungiya, ba mu muka aiko shi ba. Duk abin da ya shafi gwaji a takarda za ku gan shi da sa hannun shugaba.

Za mu yi taron iyaye ranar Juma'ar ƙarshe ta wannan watan bayan la'asar a nan filin, ma'aji zai zo da littafinsa da duk rasit ɗin sayayya, wanda ke son dubawa ya duba, wanda ke da gyara ya kawo. Iyaye mata don Allah ku ma ku zo, za a sa muku benci a inuwar darbejiyar nan ta gefen ajujuwa, taron baya uku kawai muka gani alhali ku ne kuka fi sanin lokacin da yaran ke fita da dawowa. Wanda ba zai samu zuwa ba ya aiko babban wa ko kawu, ban da yaron da kansa.

Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka. Na gode.

Naku,
Sakataren kulob, a madadin kwamiti