Ga rubutun naki, na yi masa aski

Hadiza ƙanwata, na karanta rubutun har sau biyu, na kuma ƙirga shi: kalma 412. Abin da ya tsaya mini a rai yana can sakin layi na biyar, alhali Facebook zai datse rubutun bayan 'yan layuka ya sa See more, kuma ba mai dannawa sai an ba shi dalili.

Dubi yadda kika fara:

"Barkanmu da warhaka 'yan uwa da abokan arziki, da fatan kowa yana lafiya. Na daɗe ina tunanin ko in yi wannan rubutu ko in bari, don kun san ni ba mai yawan magana ba ce a nan. Jiya da safe na tashi kamar kullum..."

Mai murza waya da babban yatsa tun a "da fatan" ya wuce. Ba don bai damu da ke ba, gaisuwa irin wannan ya ga goma yau. Na cire ta, na cire labarin wankin da yadda bokitin ya cika, da ban haƙurin da kika yi sau uku kan tsawon rubutun. Ga abin da za ki liƙa:

Muryar mahaifina ta ƙarshe tana cikin wayar da ta faɗa ruwa jiya.

Saƙon murya ne na daƙiƙa 48 da ya turo mini ta WhatsApp kwana huɗu kafin ya rasu, shekara biyu ke nan. Ba wata babbar magana ya yi ba. Tambaya yake ko na isa lafiya, ya yi tari, ya yi dariya, ya ce in kira shi in na huta. Ban taɓa ajiye shi a wani wuri ba.

Wayar ta yi kamar minti biyu a ruwa. Na kashe ta, ban sa ta caji ba, ban kuma sake kunna ta ba. Ba wayar nake so ba, abin da ke cikinta nake nema. Duk wanda ya san mai gyaran da ya taɓa ciro bayanai daga wayar da ta sha ruwa, don Allah ya turo mini saƙo.

Shi ke nan, kar ki ƙara komai. Layin farkon ki bar shi shi kaɗai, da fili a ƙasansa. Na so in sa "taimako" a cikinsa, sai na ga ya koma kamar sauran roƙon da ake wucewa, na fasa. Tarin da dariyar kuwa, su kar ki taɓa su. Ina zuwa wurin na ji Baba.

Kafin ki liƙa, duba tsohuwar hirarmu. Ina jin kin taɓa turo mini saƙon nan, ni ma yanzu zan bincika tawa wayar.