Takardar neman aiki a sashen tarawa da tantance robobi

Garwa, 14 ga Oktoba 2024

Zuwa ga Shugaban kamfanin sarrafa tsofaffin robobi,
Garwa.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin neman gurbin mai kula da tarawa da tantance kaya, wanda na ga sanarwarsa a ƙofar ma'aikatarku makon jiya. Ni 'yar unguwar Yelwa ce a nan Garwa, shekaruna 24, kuma bana na kammala karatun kimiyyar muhalli a Jami'ar Marwa.

Mahaifina mahauci ne. Tun ina ƙarama nake ganin yana farke tumbin akuya ko saniya yana zaro dunƙulen leda baƙi ƙirin, ta murɗe kamar igiya. Yakan ce dabbar da cikinta ya kumbura alhali ƙashin haƙarƙarinta a waje, leda ce ke cinta. Abin da ya kai ni wannan karatu ke nan. A aji muka karanta dokar Kamaru ta 1996 ta kula da muhalli, da hukuncin gwamnati na 2012 da ya haramta siririyar leda mai kaurin maikiron 60 zuwa ƙasa, wanda ya fara aiki a 2014. To, shekara goma ke nan, duk wanda ya shiga kasuwa ya san leda tana nan daram. A ganina hani kaɗai ba zai raba mu da ita ba, sai an sami mai saye, mai awo na gaskiya, mai biya a kan lokaci.

Aikin kammala karatuna a kan sharar gidaje na yi shi. Mako shida ina bin gidaje 40 a Marwa da buhu da sikeli, ina zazzage shara a kan tabarma ina warewa da hannu. Abin da ya fi nauyi ƙasa ce da toka daga sharar tsakar gida. Gorunan ruwa kuwa ba su cika isa bola ba, domin masu zoɓorodo da masu man gyaɗa sun riga kowa ɗauke masu kyau. Wanda ya lotse ko ya huje shi ke tafiya kwata, ruwan farko na damina ya kwashe shi zuwa Mayo Kaliyawo, kogin da ya ratsa Marwa. Wannan ya nuna mini cewa kamfani irin naku ba sai ya yi takara da waɗannan mata ba. Kayan da suka bari ma sun isa, in an san inda suke taruwa da lokacin da ya kamata a riga ruwa zuwa.

Na iya aikin tantancewa da hannuna. Ina karanta lambar da ke gindin gora: 1 ita ce PET, 2 HDPE, 5 kuma PP. Na san dalilin da ake zuba niƙaƙƙiyar roba a kwarmin ruwa, jikin gora ya nutse, murfi ya taso sama. Na kuma san ɓarnar da ɗan guntun PVC ke yi in ya ɓuya cikin PET: da an narka sai kaya su yi ɗigo-ɗigon baƙi, mai saye ya karya farashi ko ya mayar da buhunan gaba ɗaya. Shi ya sa na fi son a kama kuskure tun a wurin awo, kafin ya kai bakin inji.

Ranka ya daɗe, abin da nake ganin zan fi amfanar ku da shi shi ne mu'amala da masu tsince. Ina jin Hausa da Fulatanci da Faransanci, kuma na zauna da su na ji kokensu. Yawanci ba ƙarancin kuɗi ya fi ci musu rai ba, sai a ce an rage kilo saboda datti ko laima ba tare da an nuna musu ba. In aka auna a gaban mutum, aka nuna masa abin da aka cire, aka ba shi sefarsa a take, gobe da kansa zai kawo kaya a ware.

Ban taɓa aiki a masana'anta ba, sarrafa inji kuma sai an koya mini. Amma ina rubuta lissafin awo da rahoto a kwamfuta, ina tuƙa babur, kuma zafin ranar watan Afrilu ba ya hana ni fita.

Na haɗo da kwafin takardun karatuna, tarihin rayuwata da rahoton binciken da na ambata. Ina roƙon ku ba ni dama in zo ganawa, ko ku ajiye mini buhu guda na haɗaɗɗun robobi in ware a gabanku. A shirye nake in fara daga farkon Nuwamba.

Allah ya ƙara girma, ya yi wa kamfani albarka.

Taku cikin girmamawa,
Hadiza
Unguwar Yelwa, Garwa