Takardar janye benci 40 daga cikin odar benci 120

Daga Kwamitin Gine-gine da Sayayya na makarantarmu,
Anguwan Rogo, Jos.
Litinin, 12 ga Mayu, 2025.

Zuwa ga Maigidan shagon kafinta da walda,
Katako, Jos.

Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago.

Mun rubuto ne domin abin da muka faɗa maka da baki ranar Asabar ya zama a rubuce. A cikin benci 120 masu haɗe da tebur da muka ba ka aikinsu ranar 7 ga Afrilu a kan naira 48,000 kowane ɗaya, muna roƙon a janye ƙanana 40, masu tsayin inci 22. Manya 80 masu inci 26 suna nan daram, a ci gaba da su, a kawo ranar 31 ga Mayu kamar yadda aka tsayar. Daga yau kada a ƙara yanka ko walda ko goge komai na ƙananan.

Babu aibin da muka gani a aikinka. Iskar da ta zo da ruwan daren Laraba ce ta ɗage rufin ajujuwa huɗu na bayan makaranta. Da aka hau aka duba, sai aka tarar gara ta cinye rafta da yawa, ga shi tun farko ba a ɗaure su da bango da ƙarfe ba. Saboda haka ba canjin kwano kaɗai ake bukata ba, sai an sake katakon rufin gaba ɗaya da silin, kuma ƙiyasin da aka ba mu ya kai naira miliyan 2.6. Damina yanzu take shigowa, ka san ruwan Jos a Yuli da Agusta, ginin da aka bari a buɗe har lokacin bangonsa ma ba zai tsira ba. Kwamiti ya yanke a ɗage buɗe sababbin ajujuwa biyu na ƙananan yara, waɗanda don su aka yi odar benci 40 ɗin, a juya kuɗin zuwa rufi.

Mun san ciniki ya ƙullu, ka karɓi kafin alƙalami na naira 3,456,000, ka sayi kaya da shi. Warware irin wannan, abin da malamai ke kira iƙala, ba ya yiwuwa sai da yardarka. Shi ya sa muke roƙo, tare da alƙawarin cewa asarar da janyewar ta jawo tamu ce.

Ga abin da wakilanmu suka ƙirga tare da babban yaronka. Kowane benci yana cin bututun ƙarfe biyu na inci ɗaya da katako ɗaya mai ƙafa 12, wanda ake yankawa gida uku: saman tebur, mazauni da majingini. A ƙananan 40, an gama waldar ƙafafun 15 amma ba a shafa musu fenti ba. An yanka bututun wasu 10, ba a haɗa ba. Na sauran 15 ba a taɓa ba. Katako kuwa, 15 sun shiga inji an yanka an goge, 25 suna nan yadda aka sauke su.

Abin da aka riga aka yanka za mu biya shi cikakke, don bututun da aka datse a inci 22 ba zai yi ƙafar babban benci ba, in aka yi masa ƙari da walda kuma nan ne zai fara karyewa idan yara suka hau. Lissafinmu, bisa farashin da ke kan rasit ɗin da ka nuna:

Bututu 50 a kan 7,500: naira 375,000
Katako 15 a kan 9,000: naira 135,000
Kuɗin inji na yanka da guga: naira 15,000
Waldar benci 15 a kan 5,000: naira 75,000
Yankan bututun benci 10 a kan 1,500: naira 15,000
Sandar walda, faifan yanka da man janareta: naira 40,000

Wannan ya kama naira 655,000.

Sauran bututu 30 da katako 25, waɗanda kuɗinsu ya kama naira 450,000, muna ganin a mayar wa masu su. Mun san ɗan kasuwa ba ya karɓar kayan da suka fita a farashin da ya sayar, don haka mun ware kashi 10 cikin 100, wato naira 45,000, saboda ragin da za su yi, da naira 20,000 na mota da 'yan dako. Idan sun rage fiye da haka, a kira mu kafin a sallama. Idan kuma kana da wani aikin da zai cinye su, ka riƙe su, naira 65,000 ɗin ta zama taka, ba za mu tambaya ba. A ganinmu hakan ya fi, musamman katakon, tunda ya fara bushewa a rumfarka.

Akwai kuma abin da rasit ba ya nunawa. Ka ture wasu ayyukan don namu, ka ɗauki ƙarin mai walda. Mun sa naira 2,000 a kan kowane benci da aka janye, naira 80,000 ke nan. Ba ta kai ribar da ka sa rai ba, mun sani, iyakar abin da asusun zai iya ɗauka ke nan a yanzu. Idan kana ganin akwai abin da muka manta, ka kawo shi da shaidarsa a zauna a duba.

Jimillar kuɗin janyewa ta zama naira 800,000. Kuɗin manya 80 naira 3,840,000 ne, in aka cire kafin alƙalami saura naira 384,000. Za mu tura naira 800,000 asusunka na banki cikin kwana bakwai da sa hannu, naira 384,000 kuma ranar da aka sauke benci 80 aka ƙirga su.

Kayan da muka biya sun zama na makaranta, amma ba mu da wurin ajiye su sai an gama rufi, don haka muna roƙon su zauna a wurinka zuwa ƙarshen Oktoba. Ƙafafun 15 da guntayen bututun a goge su da burushin ƙarfe a shafa musu jan fentin hana tsatsa cikin makon nan, a fi kula da bakin walda, domin nan tsatsa ke fara kamawa da zarar laima ta taɓa. Kuɗin fentin da na shafawa daban ne, a kawo rasit mu biya. Guntayen kowane benci a ɗaure su wuri guda a rubuta lamba, kada su gauraya da na manya. Allunan 45 a jera su a kwance, nesa da ƙasa, da 'yan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa. In aka jingine su a bango za su lanƙwashe, ramukan noti su daina dacewa da na ƙarfe.

Idan Allah ya hore aka dawo da aikin, kai za a fara nema. Farashin 48,000 ba zai ɗaure ka ba a lokacin, za a yi sabon ciniki, a cire kuɗin kaya da aikin da aka riga aka biya.

Za mu zo shago ranar Alhamis, 15 ga Mayu, bayan la'asar, da kwafi biyu na wannan takarda. Idan lissafin ya yi maka, ka sa hannu, mu sa, da shaida ɗaya daga kowane ɓangare, kowa ya riƙe nasa. Idan ranar ba ta yi ba, ka sanar da ma'aji kafin Laraba da yamma.

A yi mana afuwa kan ɗawainiyar da muka jawo. Allah ya sa wa kasuwa albarka.

Wassalam.

Shugaban Kwamiti da Ma'aji,
a madadin Kwamitin Gine-gine da Sayayya.